Hular ba ta motsi: nasiha ga masu tallar kaya da hoton waya

Ƙannena masu neman na kansu ta waya, akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku, ina so mu zauna a kanta. In hoton kaya ya fito dishi-dishi, sai ku ce laifin waya ne, bari Allah ya hore a canja babba sannan a fara talla da gaske. Wannan jira yana damuna, domin watanni suna tafiya, kaya suna ajiye, alhali abin da ya ɓata hoton ba cikin wayar yake ba. Yana cikin ɗakin da kuka ɗauki hoton, da kuma hannun da ya riƙe wayar. Duka biyun kuwa gyaransu bai kai kuɗin cajar waya ba.

Ku fara sanin abin da ke faruwa a cikin wayar idan haske ya yi kaɗan, domin wanda ya san dalili ba ya buƙatar haddace ƙa'ida. A bayan idon kyamara akwai wani ɗan faifai da ke tarar haske, a yawancin wayoyinmu bai kai farcen ɗan yatsa girma ba. Ku ɗauke shi kamar ƙaramin kwano da aka ajiye a tsakar gida don tarar ruwan sama. In ana mamako, nan take ya cika. In yayyafi ake yi, sai an bar shi ya daɗe. To, idan waya ta ga ɗaki da duhu, hanya biyu gare ta. Ko ta bar idonta a buɗe ya daɗe, wanda in hannunka ya ɗan girgiza a wannan tsakanin hoton zai goge. Ko kuma ta ɗauki ɗan hasken da ta samu ta kumbura shi da ƙarfin tsiya, abin da ake rubutawa ISO a fuskar kyamara. Kumburawar nan ita ke kawo ɗige-ɗigen da kuke gani a wuraren duhu na hoto. Daga nan wayar takan yi ƙoƙarin share ɗige-ɗigen, sai ta haɗa da zaren yadi da aikin allura ta share, kaya su fito sumul babu saƙa babu ɗinki. Yawancin wayoyi suna haɗa hanyoyin biyu, shi ya sa hoton ɗaki yake fitowa ga gogewa ga ɗige.

Amma ku kuna da wata sa'a da mai ɗaukar hoton biki ba shi da ita. Amarya tana motsi, yara suna guje-guje, dole ya yi sauri. Ku abin da kuke ɗauka hula ce, ko takalmi, ko kwalbar humra, inda kuka ajiye shi nan zai kwana. Tunda kayan ba sa motsi, in kuka hana wayar ma motsi, kuna iya ba ta duk lokacin da take so ta tara haske, ba sai ta kumbura komai ba. Kusan duk abin da zan faɗa a gaba daga nan ya fito.

Bari mu ɗauki kaya guda mu bi shi har ƙarshe. A ce hula ce zanna bukar, ruwan makuba da farin zare, ka saro 'yan guda kana so ka sa a WhatsApp. Na zaɓi hula domin ta tara wahalhalun duka: tana da launi da ke saurin canjawa a hoto, tana da aikin allura da mai saye yake so ya ƙirga da ido, kuma tana da siffa da za ta iya karkacewa.

Abu na farko shi ne ka fitar da ita daga tsakiyar ɗaki. Hasken rana bai da na biyu, amma ba rana tsaka a fili ba, domin ita tana zuba baƙar inuwa, tana kuma ƙone farin zare har ya zama fari fat babu saƙa. Wurin da kake nema shi ne bakin ƙofar zaure, ko gindin taga, ko ƙarƙashin rumfa, inda haske ke shigowa da yawa amma ƙwayar rana ba ta taɓa kayan. A lokacin sanyi rana tana karkata kudu a ƙasarmu, saboda haka ƙofar da ta kalli arewa tana ba da haske mai laushi wuni guda. Ka matsa kusa da bakin ƙofar sosai. Mutane ba sa lura da saurin da haske ke raguwa, domin idon mutum yana sabawa da duhu. In fitila ce, nisa ya ninka biyu haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma taga ma kusan haka take yi da zarar ka fara nisa da ita. Taku biyu zuwa cikin ɗaki na iya zama bambancin hoto mai tsabta da mai ɗige.

Ka sa hasken ya zo daga gefe, ba daga bayanka ba, ba kuma daga bayan hular ba. In ya zo daga bayanka inuwarka za ta faɗa kan kayan, kuma aikin allurar zai kwanta. In ya zo daga gefe, kowane zare yana samun 'yar inuwarsa, sai aikin ya taso. Ɗaya gefen zai yi duhu, wannan kuma maganinsa farar takarda. Ka jingine ta a gefen da ke da duhun, tana kallon ƙofa, kamar taƙi ɗaya daga hular. Ka riƙa matso da ita kana kallon fuskar waya, za ka ga inuwar tana washewa. Kada ka kashe inuwar gaba ɗaya, ita ce ke nuna hular zagaye take. Sannan ka kashe ƙwan lantarkin ɗakin in a kunne yake. Zan dawo kan dalilin.

Yanzu abin da za a ɗora hular a kai. Ban san abin da ya fi ɓata hoton kayanmu kamar zanen gado mai furanni da leda mai zane ba. Hula tana da nata zanen, in ka ɗora ta kan wani zanen, idon mai saye ya rasa inda zai tsaya. Ka sayi faffaɗan farin kwalin nan da 'yan makaranta ke zane a kai, a shagon littattafai. In babu, bayan tsohuwar kalanda babba ya isa. Ka jawo teburi ko kujera jikin bango, ka manna saman kwalin a bango da salatif, ka bar ƙasansa ya sauko ya kwanta kan teburin a lanƙwashe, ba tare da ka karya shi a kusurwa ba. Lanƙwasar nan ita ce sirrin duka: babu layin da ya raba bango da ƙasa, sai kayan su fito kamar babu komai a bayansu. Ka ajiye hular a gaba, aƙalla taƙi ɗaya daga inda kwalin ya fara hawa, domin inuwarta ta faɗi ƙasa kada ta hau bango. Ka cusa mata takarda a ciki, ko ka kifa ta kan gwangwanin madara da ba zai leƙo ba, ta tsaya da siffarta kamar tana kan mutum.

Wasu sun fi son farin yadi. Yana yi, amma sai an goge shi da kyau an kuma ja shi ya miƙe, domin hasken gefen da ke fito da aikin hula shi ne kuma zai fito da kowace tamoji ta yadin. Ni na fi son kwali. Ba ya son guga, in ya yi datti a juya shi, in ya mutu a sayi wani. Kuma in kayanka farare ne, kamar farar hula ko farin takalmi, ka nemi kwali ruwan toka, domin fari kan fari gefen kayan yana narkewa. Faifai da tabarmar kaba suna da kyau, ba na hana ku su, amma wurinsu kayan da ba su da zane: kwalbar zuma, man shanu, sabulun salo. Kwali mai launi mai ƙarfi kuwa, ja ko kore, ku bar shi. Haske yana bugunsa ya dawo kan kayan da launinsa, farin zaren hularka ya koma ja-ja daga ƙasa. Bangon ɗaki mai shuɗin fenti ma haka yake yi, har rigar da ke jikinka in ja ce kuma ka matso kusa.

Sai tsayar da waya. Kafin komai ka goge idon kyamara da gefen riga mai laushi. Maiƙon yatsa da ƙurar hunturu suna sa hoto hazo, kuma alamarsu ita ce ka ga fitila tana jan dogon wutsiya a hoto. Daga nan ka jera littattafai ko bulo har su kai tsayin hular ko su ɗan ɗara, ka jingine wayar a jikin kofi mai nauyi, ka ɗaure su da robar ɗaure kuɗi. Kada ka kai wayar bakin hular. Idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, duk abin da ya matso shi sosai yana kumbura, sai gaban hular ya yi ƙato bayanta ya tsuke. Ka ja baya kamar kamu ɗaya ko fiye, ka bar ta a 1x, daga baya ka yanke gefen hoton. A wayoyi da yawa babban idon nan na 1x shi ya fi sauran shan haske, jawo hoto da yatsu biyu kuwa ba ya ƙara komai sai girman ɗige.

Ka kashe Flash. Haskensa yana fitowa daga gefen idon kyamara ya bugi kaya gaba da gaba, ya kwantar da aikin allura, ya bar farin tabo a duk abin da ke sheƙi. Ka kashe Beauty, domin an yi shi ne don goge fatar fuska, kuma zai goge maka zare. Ka bar Portrait ma, yakan cinye gefen kaya. Sannan ka ɗora yatsa kan hular a fuskar waya ka daɗe kaɗan. A wayoyi da yawa hakan yana kulle wurin da kyamara ta sa ido da kuma yawan haske, wasu ma sukan rubuta AE/AF Lock.

A nan akwai wani tarko da farin kwali ke ɗanawa. Kyamara tana auna hasken duk abin da ta gani ta mayar da shi tsaka-tsaki. In ta ga fari ya cika wuri sai ta ɗauka haske ne ya yi yawa, ta rage, sai kwalinka ya fito ruwan toka, hular makuba ta koma kusan baƙa. Kusa da inda ka taɓa za ka ga 'yar alamar rana, ka ja ta wajen ƙari a hankali har kwalin ya yi fari. Ma'aunin tsayawarka shi ne farin zaren hular: da zarar ka ga zaren ya fara haɗewa ba ka iya rarrabe ɗaya da ɗaya, ka wuce, ka ɗan dawo. In bayan baƙi ne, akasin haka za ka yi. Abu na ƙarshe, kada ka danna da yatsa. Dannawar kanta girgiza ce. Ka sa Timer na daƙiƙa 2 ko 3, ka danna, ka janye hannu, wayar ta nutsu ta ɗauka da kanta.

To, in dare ne fa, ko shagonka yana can cikin lungun kasuwa irin na Kantin Kwari inda rana ba ta leƙowa, ga shi an ɗauke wuta? Fitila mai caji guda ɗaya ta isa, in ka san yadda za ka yi da ita. Matsalar tocila ba ƙarancin haske ba ce, ƙanƙantar bakinta ce. Haske mai fitowa daga ɗan ƙaramin wuri yana yin inuwa mai kaifi, mai fitowa daga faffaɗan wuri yana yin mai laushi. Aikinka shi ne ka mayar da tocilar faffaɗa. Ka samo katan ɗin taliya, ka yanke gindinsa ya zama firam, ka ja farin mayafi mara kauri a bakinsa ka maƙale. Ka tsayar da shi a gefen hular, ɗan gaba kaɗan, kusa da ita iyakar yadda ba zai shiga hoto ba. Tocilar kuma ka ajiye ta a bayan mayafin, kamar taƙi biyu, yadda haskenta zai cika mayafin baki ɗaya. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, sai su lulluɓe bakin tocilar da mayafin. Hakan rage haske kawai yake yi, inuwar tana nan da kaifinta, domin har yanzu daga ɗan ƙaramin wuri hasken ke fitowa. In babu mayafi, ka haska farar takarda babba ko farin bango, hasken ya dawo kan hular. Farar takardar ɗaya gefen tana nan a wurinta kamar da rana.

Wannan tsari yana cinye haske, kuma nan ne tsayar da waya ke biyan ka. In kyamararka tana da Pro, ka shiga. A ce da kanta ta zaɓi ISO 1600 da saurin 1/30, wato kashi ɗaya cikin 30 na daƙiƙa. Duk lokacin da ka raba ISO biyu, sai ka ninka lokaci biyu, hasken hoton ya zauna yadda yake. Saboda haka 800 yana tafiya da 1/15, 400 da 1/8, 200 da 1/4, 100 kuma da rabin daƙiƙa. Hoton ISO 100 a rabin daƙiƙa da na ISO 1600 a 1/30 haskensu ɗaya, amma na farkon za ka ƙirga zare, na biyun ba za ka iya ba. Babu hannun da zai riƙe waya cak na rabin daƙiƙa, littattafanka kuwa za su riƙe. In wayarka ba ta da Pro, ka gwada Night tana jingine. Yana ɗaukar hotuna da yawa ya haɗa su wuri guda, kuma yakan rage ɗige sosai, sai dai ka duba launin da kyau domin yakan ƙara masa zafi.

Wani lokaci za ka ga ratsi-ratsi masu duhu suna ratsa hoton, ko suna gudu a fuskar waya. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Wutar lantarkinmu a Nijeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen fitila kuma suna ƙyafta ido tare da ita, sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara tana kamawa. Ka sa saurin a 1/50 ko abin da ya fi shi jinkiri, ratsin zai tafi. Wasu fitilu masu caji ma suna yin haka in an rage musu haske, saboda haka ka bar taka a ƙarshen ƙarfinta, in ya yi yawa ka ja ta baya.

Yanzu maganar launi, wadda a wurina ta fi duk sauran nauyi. Hoto mai ɗan ɗige ba ya cutar da kowa. Hoton da ya nuna ja alhali hular makuba ce, shi ne ke sa mutum ya tura kuɗi daga Jos ko Maraɗi, ya biya kuɗin mota, kaya su iso ya ga ba abin da ya zaɓa ba. Kai ba ka yi niyyar ha'inci ba, amma shi abin da zai kira shi ke nan, kuma ba zai dawo ba. Kowane haske yana da launinsa. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700K a ma'aunin da za ka gani ƙarƙashin WB, hasken rana yana wajen 5500K, inuwar fili kuma ta fi haka, tana jan shuɗi. Kyamara tana iya gyara launin haske guda ɗaya. In ka haɗa mata biyu, taga a dama ƙwan ɗorawa a sama, duk wanda ta gyara ɗayan zai ɓaci, gefe guda na hular ya yi shuɗi-shuɗi ɗayan ya yi ruwan goro. Dalilin da na ce ka kashe ƙwan ɗaki ke nan, kuma kada ka haɗa tocila biyu masu launi daban.

Farin kwalinka shi ne alƙali. In ya fito fari a hoto, launin hular yana kusa da gaskiya. In ya fito da ɗorawa ko shuɗi, hular ma ta karkata haka, sai ka motsa WB har kwalin ya dawo fari. In ka riga ka ɗauka, manhajar Snapseed tana da White Balance, inda za ka nuna mata kwalin ta gyara sauran. Amma akwai iyaka. Fitilu masu caji na araha ba sa ɗauke da jan haske sosai, shi ya sa ja da makuba da ruwan ƙasa suke fitowa a mace ƙarƙashinsu ko da kwalin ya yi fari. Gyara ba ya dawo da launin da fitilar ba ta haska ba. In kayanka masu irin waɗannan launuka ne, ka haƙura da dare, ka tara su ka ɗauka da hantsi a bakin ƙofa. Kuma kafin ka tura wa kowa, ka riƙe hular a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ka fita inuwa ka gwama su da idonka.

Ƙanwata mai sayar da humra da turaren wuta, ke kayanki gilashi ne, kuma gilashi ba a haska shi gaba da gaba, domin duk abin da ke gabansa yake nunawa, har ke da wayarki. Ki haska farin kwalin da ke bayan kwalbar, hasken ya ratso ta cikin humrar, launinta ya fito. Ki tsayar da baƙar takarda a kowane gefe, wajen hoto, za ki ga gefen kwalbar ya sami siririn layi mai duhu da ke fito da siffarta. Ki goge kwalbar kafin ki ajiye, ki kuma riƙe ta da ƙyalle. Mai shadda kuwa, sheƙi da zanen cikinta ba sa fitowa sai haske ya kwanta a kanta daga gefe, saboda haka ya ɗan naɗe ta, ya riƙa juya ta a hankali har zanen ya bayyana a fuskar waya.

Idan ka ɗauki hular, kada ka yarda da ƙaramin hoton da ka gani. Ka buɗe shi da yatsu biyu har kan aikin allurar. In komai ya goge har da gefen kwali, waya ce ta motsa, ka ƙara ɗaure ta. In wani wuri ya fito tas amma gaban hular bai fito ba, kyamara ta sa ido a inda ba nan ba, ka sake taɓawa ka kulle. In zaren ya yi sumul kamar an shafe shi, haske ne bai isa ba, ka matsa kusa da ƙofa ko ka rage ISO. Ka ɗauki guda uku: gaba, sama domin a ga gindin aikin, da kuma na kusa da ke nuna zare. Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi, aikin allura kuwa shi ne farkon abin da matsewar ke ci. Tun 2023 akwai alamar HD da za ka taɓa kafin ka tura. In mai saye ya nuna da gaske yake kuma yana so ya duba aikin, ka tura masa hoton a matsayin Document, zai isa gare shi yadda ya fito daga kyamararka.